Me ya sa gyaran sakin layi ɗaya a PDF yake canza haruffa, ya wargaza layuka?

"Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Katsina. An turo mani takardar gayyatar walimar sauka ta wata Islamiyya a PDF, aka ce in canza wurin taro daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Durɓi, kwanan wata kuma daga 12 zuwa 19. Ina fara gyarawa a Acrobat sai haruffan wurin suka canza kama, ɓ ta fito ɗan akwati, layuka suka tsinke inda bai kamata ba, na ƙarshe ma ya hau kan sunan shugaban makaranta. Laifin kwamfutata ne ko na fayil ɗin? Yaya zan kauce wa haka?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, fayil ɗin ma bai lalace ba. Matsaloli biyu ne daban suka haɗu maka a wuri guda: ɗaya ta font ce, ɗaya kuma ta yadda PDF yake ajiye layuka. Ta farkon ita ke tsananta ta biyun, shi ya sa suke zuwa tare har a ɗauka abu ɗaya ne.

Abin da yake cikin fayil ɗin

Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 domin takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta. An yi shi ne domin aikin da aka riga aka gama. Fayil ɗin Word yana riƙe da sakin layi a matsayin magana guda mai gudana, kuma duk lokacin da ka buɗe shi sai manhajar ta sake lissafin inda kowane layi zai tsaya. PDF ba ya wannan lissafin. An yi shi sau ɗaya ranar da aka fitar da fayil ɗin, aka rubuta sakamakon, aka watsar da sauran. Bambancin yadi ne da ɗinkakkiyar riga: ana iya rage riga ko a yi mata ƙari, amma sai an farke ɗinki, kuma wurin yakan nuna.

Idan ka leƙa cikin shafin PDF mai sauƙi, ga irin abin da za ka gani:

```
BT
/F1 12 Tf
72 700 Td
(Za a yi taron ne a harabar) Tj
0 -14 Td
(makaranta ranar Asabar.) Tj
ET
```

Ma'anarsa ita ce: ɗauki font mai lamba F1 da girman 12, je ka wuri kaza a shafi, zana waɗannan haruffa, sauko ƙasa da ɗigo 14, zana waɗannan. Ɗigo ɗaya a nan kashi ɗaya ne cikin 72 na inci. Duba da kyau, babu inda aka ce layin farko da na biyu jimla ɗaya ce. Babu inda aka ce ga iyakar dama. A fayiloli da yawa ma abin ya fi haka rarrabuwa, domin ana yanka layi guda gunduwa-gunduwa, wani lokaci ko tazarar da ke tsakanin kalmomi ba harafi ba ce, umarni ne kawai cewa a matsa gaba kaɗan.

To idan ka danna Edit PDF, akwatin da Acrobat ya zana kewaye da rubutun ba daga fayil ɗin ya karanto shi ba, kintace ya yi. Ya ga layukan da suka fara daga wuri ɗaya, girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, sai ya ce waɗannan sakin layi guda ne. A wasiƙar ofis wannan kintacen yakan yi daidai. A takardar gayyata kuwa, inda ake tsakaita rubutu, ana canza girma daga layi zuwa layi, ga ado a gefe, yakan raba sakin layi ɗaya gida uku ko ya haɗa biyu da ba su da alaƙa.

Inda ɓ ta tafi

Yawancin manhajojin da ke fitar da PDF ba sa zuba font gaba ɗaya a cikin fayil. Suna duba haruffan da aka yi amfani da su a takardar, su kwashi waɗannan kaɗai, domin fayil ya yi sauƙin turawa. Idan a duk rubutun da aka yi da wannan font babu kalma mai ɓ, to siffar ɓ ba ta cikin fayil ɗin sam. Haka lambar 9: idan babu ita a kwanan wata ko lambar wayar da aka rubuta da font ɗin, ba a ɗauko ta ba. Ka lura kuma cewa rubutu mai kauri da na gicciye kowanne font ne mai zaman kansa. Ana iya samun ɓ a rubutun jiki, amma idan an kaurara sunan wurin taro, wannan ɓ ɗin ba za ta yi maka amfani ba.

Kana iya tabbatar da wannan cikin minti ɗaya. Buɗe fayil ɗin a Acrobat, danna Ctrl+D, shiga shafin Fonts. Duk font ɗin da aka rubuta Embedded Subset a gabansa, guntunsa ne kawai a ciki. Wanda aka rubuta Embedded kaɗai, an saka shi cikakke. Wanda ba a rubuta komai ba, ba a saka shi ba ko kaɗan, kuma a ƙarƙashinsa za ka ga Actual Font, wato wanda kwamfutarka take nuna maka a madadinsa. Mai amfani da kayan Poppler, wato ƙananan manhajojin PDF da ake sarrafawa ta hanyar rubuta umarni, yana iya ganin haka da umarni ɗaya:

```
pdffonts gayyata.pdf
```

A nan za ka ga suna irin ABCDEF+CharisSIL. Manyan haruffa shida da alamar tarawa a gaban suna su ne shaidar cewa guntu ne.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne, ko da haruffan da kake buƙata duk suna cikin guntun, Acrobat yakan ƙi yi maka sabon rubutu da shi sai in an girka font ɗin a kwamfutarka. Font ɗin da ke cikin fayil na nunawa ne da bugawa. Idan ya nemi sunan a kwamfutarka bai samu ba, sai ya ɗauko na madadi. Idan na madadin ba shi da ƙ, ɗ, ɓ ko alamar ₦, sai ka ga ɗan akwati ko fili a wurin harafin, ko kuma harafin ya fito shi kaɗai da wata kama daban a tsakiyar kalma. Akwai kuma batun izini: kowane font yana ɗauke da alamar abin da mai shi ya yarda a yi da shi. A Windows, danna dama a kan fayil ɗin font, Properties, sannan Details, za ka ga Font embeddability. Idan an rubuta Installable ko Editable babu damuwa. Sauran biyun, na nunawa da bugawa kaɗai da wanda aka hana sakawa, su ne ke kawo cikas.

Akwai wani tarko da ya shafi rubutun Hausa musamman. Har yanzu wasu masu buga littattafai da takardu suna aiki da tsofaffin font na Hausa irin su Rabi'at, waɗanda aka yi kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gurbi a font na gama-gari. Dabarar da aka yi a cikinsu ita ce a zana ƙ, ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomin kibod. Ido yana ganin ƙasa, amma abin da kwamfuta ta ajiye }asa ne. Muddin font ɗin yana nan komai lafiya. Ranar da aka sauya shi sai takardar ta cika da }, ] da ~. Gwajinsa mai sauƙi ne: kwafi kalma mai ƙ daga PDF ɗin ka liƙa a Notepad. Idan ƙ ta fito ƙ, rubutun Unicode ne. Idan wata alama ta fito, sai ka nemo wannan tsohon font ɗin, kuma ka buga harafin da maɓallin da aka ɗora shi a kai.

Yadda sauyin font yake tura layuka

Girman 12 a font biyu ba yana nufin faɗinsu ɗaya ba. Kowane harafi yana da nasa faɗin, ana auna shi da kashi dubu na girman rubutun. A Times New Roman ƙaramar a tana cin 444, a Arial kuwa 556. Ɗauki kalmar Katsina: jimillar haruffanta bakwai 3055 ce a Times New Roman, 3335 a Arial. A girman 12, ta farko ɗigo 36.7 ce, ta biyu ɗigo 40. Bambancin ya kai kusan kashi 9 cikin ɗari.

Yanzu ɗora wannan a kan shafin A4, wanda faɗinsa ɗigo 595 ne. Cire inci ɗaya hagu da dama, saura 451. Kashi 9 cikin ɗari na 451 ya kai ɗigo 41, wato kusan faɗin kalmar Katsina ɗin kanta. Ke nan idan aka sauya font ɗin layi cikakke daga na farko zuwa na biyu, kalma guda ce za ta rasa wuri ta faɗo layi na gaba. Layi na gaban shi ma a cike yake, sai ya tura biyu. Sakin layi mai layuka goma zai iya komawa goma sha ɗaya. A Word wannan ba komai ba ne, domin abin da ke ƙasa zai matsa. A PDF akwatin da ke ƙasa bai san da zaman na sama ba, yana nan inda aka kafa shi, shi ya sa layinka na ƙarshe ya hau kan sunan shugaban makaranta. Haka kuma rubutu ba ya gangarawa daga shafi zuwa shafi.

Ko font bai sauya ba layuka suna iya motsawa, saboda dalilai uku da ake yawan gani. Na ɗaya, akwatin da Acrobat ya kintata yana tsayawa ne daidai ƙarshen layi mafi tsawo, ba ainihin iyakar da mai tsara takardar ya saka ba, don haka ƙarin harafi ɗaya yana iya jefo kalma ƙasa. Na biyu, idan an daidaita rubutun hagu da dama, an riga an miƙe tazarar kowane layi da lissafin manhajar asali, kuma da ka taɓa shi za a sake lissafin da wata hanya daban. Na uku shi ne karan ɗori. Idan manhajar asali ta raba kalma a ƙarshen layi, a PDF wannan karan ya zama harafi na dindindin. Da layin ya motsa sai ka tsinci "makaran-ta" zaune a tsakiyar layi.

Hanyar da ta fi, da wadda za ka bi in ba ta samu ba

Maganar gaskiya, gyara mafi tsabta ba a PDF ake yinsa ba. Ka kira wanda ya turo maka, ka nemi fayil ɗin asali, na Word ne ko na CorelDRAW ko na Publisher, tare da font ɗin da aka yi aiki da shi idan lasisinsa ya yarda a ba wani. Ka yi gyaran a can ka sake fitar da PDF. Masu shago da yawa suna jin nauyin wannan kiran, suna ganin kamar gazawa ce, alhali kiran minti biyu ne yake hana ɓata awa guda da asarar katin da aka buga ba daidai ba.

Idan asalin ya ɓata, ko mai shi ba ya ɗaukar waya kuma walima ta matso, ga yadda za ka yi da takardar nan taka. Fara da ajiye kwafi da wani suna, kada ka taɓa wanda aka turo. Danna Ctrl+D ka rubuta sunayen font daidai yadda suke, har da Bold ko Italic. A ce ka tarar Charis SIL ne, wanda masu rubutun Hausa suke so domin yana da haruffanmu duka. Kyauta ne, sai ka sauke shi, ka girka mai kauri da na gicciye tare da na jiki, ka rufe Acrobat gaba ɗaya ka sake buɗewa, domin sai an sake buɗe shi yake ganin sabon font. In da hali ka samo irin fitowar da aka yi aikin da ita, domin faɗin wasu haruffa yana iya bambanta tsakanin tsohuwa da sabuwa.

Daga nan danna Edit PDF, amma kada ka fara bugawa tukuna. Dubi akwatunan da aka zana. Ja gefen akwatin sakin layin ya ƙara faɗi kaɗan sosai, ɗan abin da zai ba harafi ɗaya ko biyu wuri. Idan ka ja da yawa, kalmomin ƙasa za su hauro sama, ka sake ɓata tsarin ta wata fuskar. Idan rubutun a tsakiya yake, ƙara hagu da dama daidai wa daida. Sai ka zaɓi kalmar Marusa kaɗai ka buga Durɓi a kanta, ba ka goge layin duka ba. A nan ka yi sa'a, domin Marusa haruffa shida ce, Durɓi biyar, sabuwar ta fi gajarta. Hatsarin da ya rage shi ne kalmar farko ta layi na gaba ta samu wuri ta hauro. Idan haka ta faru, rage faɗin akwatin har ta koma. Kwanan wata ya fi sauƙi: goge 2 kaɗai ka saka 9. A yawancin font na rubutun jiki lambobi faɗinsu ɗaya ne, don haka babu abin da zai motsa.

Da a ce akasin haka ne, sabon sunan ya fi tsawo, akwai abin matse tazarar haruffa a ɓangaren Format. Ana iya matse layin kaɗan ba tare da ido ya gane ba, amma da ka wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari sai ya fara bambanta da maƙwabtansa. Ni na fi son a nemi izinin mai takarda a rage kalma ɗaya daga jimlar, da a matse rubutu ya yi muni.

Idan font ɗin na kuɗi ne kuma ba ka da shi, nemi wanda aka ƙera da faɗi iri ɗaya. Liberation Serif faɗin haruffansa daidai yake da Times New Roman, Liberation Sans da Arial, Carlito da Calibri, Caladea kuma da Cambria. Siffarsu ta ɗan bambanta, amma layuka za su tsaya inda suke. Sai dai ka fara gwada ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa kafin ka dogara da shi, domin daidaiton faɗi bai tabbatar da cewa yana da haruffanmu ba. Idan babu irin wannan tagwayen, kada ka bar kalma ɗaya da font daban a tsakiyar layi, ido yana kama ta nan take. Gara ka mayar da sakin layin duka zuwa font ɗaya mai kama da na asali, ka daidaita girma har ya zauna a gurbinsa. Kana iya zaɓa wa Acrobat font ɗin madadi tun kafin ka fara: Ctrl+K, sannan Content Editing, ka saka wanda ka san yana da haruffan Hausa, irin Noto Serif ko Charis SIL.

Inda wannan duka ba zai yi aiki ba

Wasu fayilolin babu rubutu a cikinsu ko kaɗan, sai siffarsa. Masu aiki da CorelDRAW sun saba mayar da rubutu zane da Ctrl+Q kafin su kai wurin bugu, domin gudun matsalar font. Dabara ce mai kyau ga mai bugawa, amma ta rufe ƙofar gyara. Alamarta ita ce shafin Fonts ya fito wayam, kuma ba ka iya zaɓar kalma da linzami. Haka takardar da aka yi wa sikanin ko aka ɗauka da waya, hoto ce kawai. Acrobat zai yi ƙoƙarin gane haruffan ya ba ka damar gyara, amma yakan karanta ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d, sabon rubutun kuma ba ya yin kama da tsohon sosai. A irin wannan hali sake buga takardar daga farko ya fi sauri.

Buɗe PDF a Word, wanda ake iya yi tun daga Word 2013, yana da amfani idan takardar doguwa ce mai rubutu zalla kuma gyaran yana da yawa. Ka sani dai sabuwar takarda ce Word yake ginawa ta hanyar kintace, don haka sai ka bi shafi-shafi ka duba. Ga katin gayyata mai ado ba na ba da shawararsa. LibreOffice Draw kuwa yakan buɗe kowane layi a akwatinsa daban. Wannan yana da daɗi idan lamba ɗaya za ka canza, domin babu layin da zai tura wani, amma yana da wahala idan jimla za ka ƙara. Manhajojin waya sun fi kowa sauya font, saboda wayar ba ta da waɗanda ke kwamfuta.

Sai dabarar da ake yi a shaguna ta rufe tsohuwar kalma da farin akwati a rubuta sabuwa a kai. Idan bugawa kawai za a yi a takarda fara, tana wucewa. Idan kuwa fayil ɗin za a tura wa mutane, tsohon rubutun yana nan a ƙasa, duk wanda ya kwafa ko ya bincika zai ga Ƙofar Marusa. Takardar da aka sa wa hannu ta hanyar lantarki kuma, kowane gyara yana nunawa a matsayin canji bayan sa hannu. Irin wannan, da takardun sakamako da na banki, a mayar wa wanda ya fitar da su ya gyara.

Ga takardun da kai kake fitarwa

Ka riƙa ajiye fayil ɗin asali da PDF ɗinsa a jaka ɗaya da suna ɗaya, kana ba abokin ciniki duka biyun idan ya nema. Idan fayil ɗin Word zai tafi wata kwamfuta, shiga File, Options, Save, ka kunna Embed fonts in the file, ka cire alamar da ke kan Embed only the characters used in the document, domin font ɗin ya tafi cikakke. Mai aiki da LibreOffice yana da zaɓin Hybrid PDF wajen fitarwa, wanda yake ɓoye fayil ɗin asali a cikin PDF ɗin, ta yadda idan aka sake buɗe shi a LibreOffice zai dawo rubutu mai gudana. A CorelDRAW kuma, kafin ka danna Ctrl+Q ka ajiye kwafin da rubutunsa yake a raye.

Bayan ka gama gyaran takardar walimar, ajiye, rufe, sake buɗewa, ka danna Ctrl+D. Idan wani sunan font ya bayyana wanda babu shi da farko, an yi maka sauyi a wani wuri, ko da a tazara ɗaya ce. Ƙara girman shafin zuwa kashi 400 ka dubi layin da ka taɓa kusa da na samansa. Sannan tura fayil ɗin zuwa wayarka ka buɗe a can, domin wayar ba ta da font ɗin da ka girka ɗazu: idan ɓ ta Durɓi ta fito daidai a can, ta shiga cikin fayil ɗin ke nan, sai ka buga kwafi ɗaya na gwaji kafin ka saki sauran.